Yadda ake karanta hoton eko na ɗakuna huɗu da ƙiyasta EF

Majinyaci yakan shigo da takardar eko, wato hoton zuciya da na'ura ke ɗauka ta hanyar aika sauti, ɗauke da hotuna baƙi da fari, ya miƙa maka yana jiran ka faɗa masa ko zuciyarsa na da ƙarfi. Abu na farko da za ka riƙe shi ne hoto guda ɗaya a tsaye ba ya bayar da EF. EF kaso ne na jinin da babban ɗakin hagu ke turawa waje a bugu ɗaya, daga cikin abin da ya ɗiba lokacin da ya cika. Saboda haka dole sai da hoto biyu daga bugu guda: ɗaya lokacin da ɗakin ya cika maƙil, ɗaya lokacin da ya gama matsewa. Hoto ɗaya zai nuna maka girma da siffa da kaurin bango, ya sa ka yi zato mai ƙarfi, amma lamba ba ta fita daga gare shi. Matakan da ke tafe na wanda ke da hotunan biyu ne, ko kuma yake gaban na'ura ya danna `Freeze` yana iya komawa baya firam bayan firam.

Mataki na farko: gane wane ɗaki ne wane

Ana ɗaukar wannan hoton ne da majinyaci a kwance ta gefen hagu, a ɗora kan na'urar daidai inda ake jin bugun tsinin zuciya, wajen tsakanin haƙarƙari na 5 da na 6. Abin da ya fi kusa da kan na'urar shi ke fitowa a saman allo, don haka zuciyar tana bayyana a kife. Tsininta na sama, a ƙunƙuntar hoton. Manyan ɗakunan da ke tura jini, LV na hagu da RV na dama, suna sama. Ƙananan ɗakunan da ke karɓar jini, LA na hagu da RA na dama, suna ƙasa. Jini baƙi ne a hoton, tsoka toka-toka, bawul da fatar da ta lulluɓe zuciya kuwa sun fi haske. A gefen hoton akwai ɗigo-ɗigo na ma'auni a santimita, kuma da su za ka auna komai idan takarda ce a hannunka.

A tsarin da aka fi bi, LV yana hannun damanka idan kana kallon allo, RV yana hannun hagu. Kada ka dogara da wannan kaɗai. Wasu cibiyoyi suna juya hoton da gangan, asibitin Mayo na Amurka ya shahara da hakan, wani lokaci kuma mai ɗaukar hoton ne ya riƙe kan na'urar a juye. Alamar da ta fi tabbas tana wurin bawuloli biyu na tsakiya. Duba inda kowannensu ya manne da katangar da ta raba ɗakunan: bawul ɗin tirakasfid yana manne ne kusa da tsini fiye da na mitiral, da 'yan milimitoci, yawanci ba ya wuce santimita 1. Duk ɗakin da ke gaban tirakasfid shi ne RV, ko a wane gefen allo ya faɗo. Alama ta biyu ita ce wata igiyar tsoka da ke ratsa RV kusa da tsini, ga kuma bangonsa mai kaushi da siffarsa mai kusurwa uku. LV kuwa dogo ne kamar harsashi, fuskar katangarsa sumul, kuma a lafiyayyar zuciya shi ne ke yin tsinin.

Tun kana nan, kwatanta girman biyun. RV bai kamata ya wuce kashi biyu cikin uku na LV ba. Idan ya kai LV girma ko ya ƙwace tsinin, akwai matsala a ɓangaren dama, kuma EF ɗin da za ka lissafa ba zai ce komai a kanta ba. Haka idan ka ga baƙin layi ya zagaye zuciyar daga waje, ruwa ne ya taru a jakarta, a rubuta shi daban.

Mataki na biyu: shin an yanko zuciyar daidai?

A nan ne mafi yawan lambobin banza ke samo asali, kuma a ganina wanda bai iya wannan matakin ba gara kada ya fara lissafi. Hoton eko yanka ne siriri ta cikin zuciya. Idan yankan bai bi ta ainihin tsini ba, wato an ɗora kan na'urar a saman inda ya kamata ko an matsa ciki sosai, LV zai fito gajere, kuma abin da kake gani a sama ba tsini ba ne, wani ɓangare ne na bango da aka yanka a karkace.

Ga yadda ake gane shi. Tsinin gaskiya siriri ne, yana ƙunƙuncewa a hankali, kuma kusan ba ya motsi daga wurinsa tsakanin cika da matsewa. Gindin zuciya ne ke hawowa wajensa. Tsinin ƙarya yana da kauri, ya yi zagaye, kuma idan ka haɗa hotunan biyu za ka ga ya sauko sosai zuwa wajen bawul a lokacin matsewa. Auna tsawon ɗakin daga tsakiyar layin bawul ɗin mitiral zuwa tsini. A babban mutum yakan kai wajen santimita 8 zuwa 9 idan ya cika. Idan ka samu 6 da ɗoriya a mutum mai cikakken jiki, ga ɗakin ya yi zagaye, ka yi shakkar hoton kafin ka yi shakkar zuciyar. Illar gajeren yanka ita ce yana rage girman da aka auna, yawanci kuma yana kumbura EF, sai mai raunin zuciya ya fito kamar lafiyayye. Mafi muni, ɓarnar da toshewar jijiyar gaban zuciya ke yi a tsini take zama, wato daidai wurin da gajeren yanka ke tsallakewa.

Sai kuma karkata gaba ko baya. Idan ka ga bakin babbar jijiyar awota ya buɗe a tsakiyar hoton, an karkata gaba da yawa, hoton ɗakuna biyar ke nan. Idan bawul ɗin mitiral ya ɓace aka ga wani baƙin bututu a kwance a gindin LV yana shiga RA, an karkata baya. Hoton da ya dace yana nuna bawul biyu a sarari, katanga a tsaye a tsakiyar allo, ba awota.

Mataki na uku: wane lokaci aka tsayar da hoton?

Duba layin ECG da ke ƙasan allo, akwai ɗan alama a kansa da ke nuna inda firam ɗin yake. Ƙarshen cika yana faɗowa ne wajen QRS, wato dogon tsinin da ke kan layin, ƙarshen matsewa kuma wajen ƙarshen T, tudun da ke biyo bayansa. Idan babu ECG, bawul ɗin mitiral ne agogonka. Ƙarshen cika shi ne firam na farko bayan mitiral ya rufe, ko firam ɗin da ɗakin ya fi girma. Ƙarshen matsewa shi ne firam ɗin da ɗakin ya fi ƙanƙanta, wanda yakan zo dab da sake buɗewar mitiral. Ka lura cewa a duka biyun bawul ɗin a rufe yake. Hoton da mitiral ke buɗe hanhai an tsayar da shi ne a tsakiyar cika, bai dace da kowanne awo ba. Wani abin taimako shi ne LA: yana kan mafi girmansa a ƙarshen matsewar LV, domin duk tsawon lokacin yana ta karɓar jini daga huhu ƙofa a rufe.

Kada a zaɓi bugun da ya zo kafin lokacinsa, ko wanda ya biyo bayansa nan take, domin na farko bai cika ba, na biyu kuma ya fi ƙarfin yadda zuciyar ta saba. Idan bugun majinyaci ba shi da tsari, irin na AF, sai a auna bugu wajen biyar a ɗauki matsakaici.

Mataki na huɗu: ƙiyasi da ido

Jera hotunan biyu gefe da gefe ka nemi abu uku. Na farko, nawa baƙin filin da ke cikin LV ya ragu. Na biyu, ko bangon ya yi kauri. Wannan ya fi matsowar bango muhimmanci, domin mataccen bango ma yana iya matsowa idan maƙwabcinsa ya ja shi, amma ba ya kauri. Katangar da ke da milimita 9 a cika ya kamata a gan ta a fili ta ƙaru a matsewa. Wadda ta zauna siririya mai haske a hotunan biyu, alamar tsohon tabo ce. Na uku, nawa zoben bawul ɗin mitiral ya hau zuwa tsini. Auna daga ma'aunin gefe: hawan da ya kai santimita 1 ko fiye yana tafiya da zuciya mai ƙarfi, wanda bai kai milimita 8 ba yana nuna rauni.

Akwai tarko a abu na farko. Ido yana ganin fili ne, EF kuwa na girma ne, wato yawan jinin da ɗakin ke ɗauke da shi, kuma girma yana raguwa fiye da fili. Zuciyar da filinta ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, EF ɗinta na iya zama kusa da 60. Sabon mai karatu yakan ga ɗakin bai ko rabe biyu ba a allo, sai ya yanke cewa zuciyar ta yi rauni. Da ido, abin da za ka iya faɗa da gaskiya shi ne rukuni: lafiya lau, ta ɗan ragu, ta ragu sosai, ko tana matsewa fiye da kima har bangaye na neman haɗuwa. Wanda ya kalli hoto biyu ya ce 47 yana ƙawata zato ne kawai.

Mataki na biyar: zana iyaka da lissafi

A kowane hoto, fara daga inda bawul ɗin mitiral ya manne a gefen katanga, ka bi iyakar da ke tsakanin baƙin jini da tsoka mai ƙwari, ka zagaya ta tsini, ka sauko zuwa ɗaya gefen bawul ɗin. Layi miƙaƙƙe ya haɗa gefen biyu. Tsokokin fafilari da ke riƙe da igiyoyin bawul, da ƙananan zaruruwan tsoka da ke leƙowa cikin ɗaki, ana barin su a cikin filin jini, ba a zagaye su. Tsawo kuma daga tsakiyar wancan miƙaƙƙen layi ne zuwa wuri mafi nisa a tsini.

Na'ura tana ɗaukar zanen ta yanka ɗakin zuwa fayafayai 20 masu kauri ɗaya, ta lissafa girman kowanne ta tara. Wannan ce hanyar Simpson, kuma a allon wasu na'urori za ka ga `MOD` a jikin sakamakon. Idan babu na'urar da za ta yi wannan, akwai tsohuwar hanya ta fili da tsawo da ake yi da kalkuleta, inda A ke nufin fili a murabba'in santimita, L tsawo a santimita, V girman ɗakin a mililita, EDV girmansa a ƙarshen cika, ESV kuma girmansa a ƙarshen matsewa:

```
V  = 0.85 × A² / L
EF = (EDV − ESV) / EDV × 100
```

A ce namiji ne ɗan shekara 58 mai hawan jini, yana haki idan ya hau bene. A hoton ƙarshen cika, fili ya ba da 38, tsawo 8.6. A hoton ƙarshen matsewa, fili 29, tsawo 8.0. Tsinin siriri ne kuma bai motsa ba, don haka mun yarda da yankan.

```
EDV = 0.85 × 38² / 8.6 = 143 mL
ESV = 0.85 × 29² / 8.0 = 89 mL
EF  = (143 − 89) / 143 × 100 = 38
```

Zuciyar tana tura mililita 54 a kowane bugu, EF kuwa wajen 38. Yanzu gwada lambar da abin da idonka ya gani. Tsawo ya ragu da milimita 6 kacal, wanda ya yi daidai da zoben mitiral da bai hau sosai ba. Fili ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari, ƙasa ƙwarai da abin da lafiyayyar zuciya ke yi. Alamomin sun yarda da juna, sai a amince da lambar. Da lissafi ya ba da 60 alhali zobe bai hau ba, bango bai yi kauri ba, da zanen za a koma a duba.

Ga dalilin da ya sa ake nacewa a kan zane. A ce a hoton matsewa an zagaye tsokar fafilari aka bar ta waje, ko an bi zaruruwan ciki maimakon tsoka mai ƙwari, sai fili ya fito 26 a maimakon 29. A zagayen ɗakin gaba ɗaya, wannan matsawa ce da ba ta kai milimita 2 ba. Amma tunda ana ninka fili da kansa, ESV ya koma 72, EF ya tashi zuwa kusan 50. Mutum ɗaya, bugu ɗaya, ya tashi daga rukunin da ake fara wa cikakken maganin raunin zuciya zuwa bakin lafiya. Kuskuren ya fi faruwa a hoton matsewa, domin a lokacin zaruruwan sun cunkushe suna kama da bango. Haka ma idan an ƙara `Gain` da yawa, bango yakan kumbura da haske ya cinye fili. Bangon gefe kuma yakan dusashe, saboda yana kwance a layi ɗaya da sautin da na'ura ke aikawa, ga huhu a kusa. Idan sassa biyu maƙwabta na bango ba sa ganuwa, ƙa'ida ita ce a yi amfani da allurar da ke haskaka jini inda ake da ita, ko a sake ɗaukar hoton, maimakon a cike gurbin da hasashe.

Mataki na shida: fassara lambar

Ƙa'idar da ƙungiyoyin masana eko na Amurka da Turai suka fitar tare a 2015 ta sa EF na lafiya a 52 zuwa 72 ga maza, 54 zuwa 74 ga mata. Daga 41 zuwa 51 ga maza, 41 zuwa 53 ga mata, raguwa ce kaɗan. Daga 30 zuwa 40 matsakaiciya, ƙasa da 30 mai tsanani. Likitocin raunin zuciya kuma suna da nasu layukan na magani: 40 zuwa ƙasa, 41 zuwa 49, sai 50 zuwa sama. Mutuminmu mai 38 ya faɗa a matsakaiciyar raguwa, kuma yana ƙarƙashin layin 40, amma da ƙyar. Ƙwararru biyu na iya auna hoto ɗaya su bambanta da maki 5 zuwa 10, don haka sauyi daga 38 zuwa 42 bayan wata uku ba hujja ce ta samun sauƙi ba.

Kada ka karanta EF ba tare da EDV ba. A ƙa'idar nan, EDV na maza yana tsakanin mililita 62 da 150, na mata 46 zuwa 106. Zuciyar da ta buɗe ta kai mililita 250 da EF 25 tana tura wajen 62 a bugu, ƙaramar zuciya mai kaurin bango da ke ɗaukar 60 da EF 65 kuwa 39 kawai take turawa. Ta biyun na iya sa mai ita haki sosai alhali takarda na cewa EF lafiya lau. Idan ka ga bango mai kauri da LA da ya kumbura a ƙasan hoton, wannan zuciyar tana wahalar cika ne, kuma EF ba ya auna hakan. Haka idan bawul ɗin mitiral na yoyo sosai, wani kaso na jinin yana komawa baya cikin LA ta hanya mai sauƙi, sai EF ya fito sama da ainihin ƙarfin tsokar. A irin wannan yoyon mai tsanani, 60 zuwa ƙasa ma ana ɗaukarsa alamar tsoka ta fara gajiya.

Iyaka ta ƙarshe ta hoton kansa ce. Yankan ɗakuna huɗu bango biyu kawai yake nunawa, katanga da bangon gefe, tare da tsini. Bangon gaba da na ƙasa sai an juya kan na'urar wajen digiri 60 zuwa hoton ɗakuna biyu. Lissafi daga yanka ɗaya yana ɗauka cewa ɗakin zagayayye ne kuma ko'ina yana matsewa daidai. Mutumin da toshewar jijiyar zuciya ta kashe masa bangon ƙasa na iya samun EF mai kyau a wannan hoton, domin ɓarnar tana wajen yankan. Shi ya sa awon da aka fi yarda da shi yake haɗa hotunan biyu, `A4C` na ɗakuna huɗu da `A2C` na ɗakuna biyu, kuma tsawon LV a cikinsu bai kamata ya bambanta da fiye da kashi 10 cikin ɗari ba. Idan ya bambanta, gajeren cikinsu an yanko shi a karkace.

Wajen rubutawa, a faɗi hanyar da aka bi da ingancin hoton, a ba da tazara maimakon lamba ɗaya. Ga mutumin nan za a rubuta cewa EF wajen 35 zuwa 40 ne, daga hoton ɗakuna huɗu kaɗai, LV yana dab da iyakar girma, bangaye biyu da aka gani duk sun ragu wajen matsewa, kuma ana buƙatar hoton ɗakuna biyu da hoto mai motsi kafin a tsayar da magani a kan lambar.